Yadda ake zaman gwajin bincike: minti 90 da manhajar shago a Katsina

Mu huɗu ne a ɗan ofishinmu da ke wajen Ƙofar Ƙaura, muna gina manhajar waya ta masu shagon hatsi da kayan masarufi. Aikinta bai da yawa: ta rubuta ciniki, ta rage kaya daga rumbu, ta riƙe lissafin masu bashi. Ni ce mai gwaji. Muna da rubutattun matakan gwaji da nake bi duk lokacin da za a fitar da sabuwar siga, kuma duk sun wuce lafiya a makon da wani ɗan kasuwa daga Daura ya bugo waya ransa a ɓace. Ya ce manhaja ta rubuta wa wani abokin cinikinsa bashi sau biyu, har sun yi sa-in-sa a gaban jama'a. Na sake bin matakan nan ɗaya bayan ɗaya, komai daidai. Rubutaccen gwaji yana amsa tambayar da aka riga aka yi tunaninta ne kawai, wannan kuwa babu wanda ya yi tunaninta a cikinmu.

Irin wannan wuri ne gwajin bincike yake da amfani. Mai gwaji yana koyon manhaja, yana ƙirƙiro gwaji, yana aiwatar da shi, duk a lokaci guda, abin da ya gani yanzu shi ke nuna masa inda zai taɓa nan gaba. Cem Kaner ne ya raɗa wa salon suna a shekarun 1980. A shekarar 2000 kuma Jonathan Bach da ɗan'uwansa James Bach suka fito da tsarin yin sa zama-zama, domin a iya ba da bahasin aikin: kowane zama da manufarsa a rubuce, da ƙayyadadden lokaci, da bayanan da aka ɗauka, da tattaunawa bayan an tashi. Zaman da na yi kan wannan bashi zan bi da ku daga farko har ƙarshe.

Rubuta takardar manufa

Kafin ka taɓa waya, rubuta abin da za ka nema. 'Yan gwaji suna ce wa wannan rubutu cata, mu a ofis takardar manufa muke cewa. Jimla ɗaya ce ko biyu. Akwai wani tsari mai sauƙi da Elisabeth Hendrickson ta yaɗa, mai gaɓa uku: wane sashe za a bincika, da waɗanne kayan aiki, don gano wane irin bayani.

Ta farko da na rubuta ita ce: a gwada sashen bashi. Na karanta na goge, don ba ta gaya mini inda zan fara ba, ba ta kuma gaya mini lokacin da na gama ba. Sashen bashi ya haɗa da ƙara sabon mai bashi, biyan rabi, yafewa, tura tunatarwa, buga rasit. Mutum sai ya yi kwana uku a ciki yana yawo. Ta biyu kuma ta matse da yawa: a rubuta bashin buhu 3 a tabbatar ya fito sau ɗaya. Wannan matakin gwaji ne mai amsar e ko a'a, minti biyu ya ishe shi, kuma na riga na san zai wuce.

Sai na koma kan abin da ɗan kasuwar ya faɗa. Na roƙi abokin aikina mai hulɗa da 'yan kasuwa ya sake kiransa da tambaya ɗaya: Alhaji, lokacin da yaron shago ya rubuta cinikin, yaya sabis yake? Ya ce ranar kasuwa ce, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Daga nan manufar ta fito:

Bincika rubuta cinikin bashi, da waya mai ƙaramin ƙarfi da sabis mai yankewa, don gano ko abin da ke waya da abin da ke saba, wato kwamfutar da wayoyi ke tura wa bayanan ciniki, suna saɓawa.

Dubi gaɓa ta uku da kyau, ita ce ran takardar. Tana faɗin irin haɗarin da nake tsoro, ba ta faɗi matakan da zan bi ba. Hanyar auna takardar manufa a wurina ita ce in miƙa wa wani abokin aiki. Idan ya karanta ya iya kawo gwaji biyar daga kansa, kuma ya iya cewa wannan yana ciki wancan yana waje, to ta yi. Idan ya ce me zan danna, ta yi faɗi. Idan ya gama kafin shayinsa ya huce, ta yi ƙunci.

Shiri, da agogo

A tsarin 'yan'uwan Bach, gajeren zama kamar minti 60 ne, matsakaici 90, dogo 120. Na zaɓi 90, daga 10:00 zuwa 11:30 na safe, lokacin da kai yake wartsake kuma azahar ba ta matso ba. Sharaɗin zama shi ne kada a katse shi. Na juya wayata ta kaina fuska ƙasa, na gaya wa 'yan ofis kada a kira ni sai in wuta ta tashi. Dalilin ba son jiji da kai ba ne. Mai bincike yana riƙe da zare a ka: na danna wannan, na ga wancan, saura in gwada kaza. Kira ɗaya na minti biyar yana tsinka zaren, sai an sha wuya a ƙulla.

Wayar gwajin tsohuwar Android ce mai RAM 2GB, irin wadda yaran shago ke riƙewa. Wayar injiniya mai tsada a kan waya-fai na ofis tana ɓoye rabin matsalolin kasuwa. Na rubuta lambar sigar manhajar, na shiga da asusun gwaji a sabar gwaji. Kada ka kuskura ka yi wannan a asusun ɗan kasuwa na gaske, bashin mutane amana ne.

Abu mafi muhimmanci a shirin shi ne lambobin farawa. Na sa buhun masara 50 a rumbu, kowanne naira 40,000, na ƙirƙiri masu bashi uku da ba a bin su ko kwabo. Na rubuta waɗannan a takarda. In ba ka san abin da ya kamata lissafi ya zama ba, kuskure zai wuce ta gabanka ba ka gane shi ba. Sannan na jona wayar da kwamfuta, na share tsohon log, wato rubutaccen tarihin abin da ke gudana a cikin waya, na fara ɗaukar sabo:

```
adb logcat -c
adb logcat -v time > zama01.txt
```

Na kunna ɗaukar bidiyon allo. Shirin ya ci minti 15, kuma na rubuta hakan, don shi ma cikin zaman yake.

Cikin zaman, da yadda ake rubutu

Littafi da biro nake amfani da su, wasu kuma fayil suke buɗewa a kwamfuta. Duk ɗaya ne, in dai kowane layi yana da lokaci a gabansa. Lokacin ne zai haɗa rubutunka da bidiyo da log ɗin saba daga baya. Ina kuma sa kalma ɗaya a farkon layi don rabewa: yi, gani, zato, tambaya, kuskure. Raba gani da zato shi ne abin da na fi daɗewa ban koya ba, kuma shi ya fi cetona. Gani shi ne abin da ke kan allo. Zato shi ne labarin da kaina ya ƙirƙira don bayyana shi. In suka cakuɗe a takarda, injiniya zai kwashe yini yana haƙa a inda ba rijiya.

Na fara da hanya mai sauƙi don in ga yadda lafiya take kama. A kan waya-fai na sayar da buhu 3 bashi ga mai bashi na farko, na danna `Ajiye`. Rumbu ya koma 47, bashi 120,000, shafin mai shago a kwamfuta ya nuna haka. Sai na sake sayar masa da buhu 3, amma na kunna `Airplane mode` tun kafin in danna. Manhajar ta ce `An ajiye a waya`, da na dawo da sabis ta tura, ciniki ɗaya ya fito, rumbu ya koma 44. Wannan shi ne ainihin gwajin da ke cikin rubutattun matakanmu, shi ya sa kullum yake wucewa.

A nan na tsaya na yi tunanin kasuwa. A kasuwa sabis ba ya ɗaukewa cikin ladabi kafin mutum ya danna. Yana ɗaukewa ne a tsakiyar magana. Tsakanin akwai sabis da babu sabis akwai hali na uku, wato saƙo ya tafi amma amsa ba ta dawo ba. Na kashe waya-fai, na shiga saitin layi na mayar da shi 2G don komai ya yi nauyi, in samu tazarar da zan sa hannu. Ga yadda layukan littafina suka kasance:

10:41 Yi: buhu 3 bashi ga mai bashi na biyu, 2G, danna `Ajiye`, ƙirga daƙiƙa 2, kunna `Airplane mode`.
10:41 Gani: alamar jira ta ɗan juya, sai `An ajiye a waya`. Rumbu 41.
10:42 Yi: kashe `Airplane mode`, jira, jawo jerin ciniki ƙasa.
10:43 Gani: ciniki biyu iri ɗaya. Rumbu 38. Bashi 240,000 maimakon 120,000.
10:43 Zato: na farko ya isa saba, wayar ba ta ji amsa ba, ta sake turawa.
10:44 Kuskure: bashi ya ninka.

Ga abin da Alhaji ya gani, ya fito a hannuna. Gabana ya faɗi, don na tuna shaguna nawa ke riƙe da wannan siga a daidai wannan lokaci.

Samun kuskure sau ɗaya rabin aiki ne. Sai ka sake kama shi, ka san iyakarsa. Ƙa'idar ita ce canza abu ɗaya tak a kowane zagaye. Na maimaita daidai yadda na yi sau 5, ya faru sau 3. Na yanke sabis kafin dannawa sau 5, bai faru ba. Na bar 2G ya gama ba tare da na yanke ba, sau 5, bai faru ba. Na canza bashi zuwa kuɗi hannu da yankewa a tsakiya, nan ma ciniki ya ninka, rumbu ya ragu sau biyu. Wannan na ƙarshe ya faɗaɗa matsalar: ashe ba ta sashen bashi kaɗai ba ce, ta duk wani ciniki ce, sai dai a bashi ne mutum ke tsayawa ya yi musu, shi ya sa a can ta fara fitowa fili.

Na ba wannan bincike minti 30 na dakata. Akwai jarabar ci gaba har sai an gano layin da ya jawo, amma wannan aikin wanda ya rubuta ne, kuma kowane minti da na ba kuskure ɗaya na ɗauke shi ne daga sauran manufar. Na koma na gwada kashe manhajar gaba ɗaya a tsakiyar turawa, na gwada danna `Ajiye` sau biyu da sauri. Maɓallin yana kulle kansa bayan dannawar farko, can babu matsala.

Wani abu ya gifta a hanya. Ɗaya daga cikin sunayen gwajin da na ƙirƙira yana da ƙ mai lanƙwasa a farko, Ƙasimu. Da na rubuta Kasimu da k zalla a akwatin nema, bai fito ba. Yaran shago da yawa ba su da allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, don haka za su ɗauka mutumin ba ya ciki, su buɗe masa sabon shafi. Wannan ba ya cikin manufata, amma ba a rufe ido. Na ba shi minti 10, na rubuta shi, na rubuta a ƙasan shafi cewa yana son zamansa daban: haruffa masu lanƙwasa da alamar hamza irin ta Sa'adatu, a nema, a jere, da kan rasit. Haka ake yi da abin da ya bullo daga gefe. Ka leƙa ka tabbatar, ka ajiye masa takardar manufa, ka dawo kan hanya. In kuma ya fi abin da ka fito nema girma, ka faɗa wa jagora a sauya manufar a fili.

Takardar zama

Da 11:30 ta yi na tsaya, ko da yake ina da sauran dabaru. Nan take, kafin in tashi daga kujera, na mayar da littafin takardar zama shafi ɗaya. A sama manufa, sunana, rana da lokaci, siga, irin waya, bayanan farawa. Sai rabon lokaci: shiri 15, gwaji 45, bin diddigin kuskure 30. A cikin 90 ɗin, minti 10 sun tafi wajen manufa. Ba a son awo na daƙiƙa, kintace mai gaskiya ya isa. Amfaninsa yana fitowa ne bayan zama goma ko ashirin. In aka ga shiri yana cin rabin kowane zama, to ofis na bukatar hanyar cika bayanan gwaji da sauri. In bin kuskure ne ke cinyewa, to sashen bai nuna ba, kuma an gwada ƙasa da yadda ake zato.

Ƙasa da wannan na raba abubuwa biyu. Kurakurai su ne aibin manhaja. Cikas kuwa shi ne abin da ya hana ni aiki ko tambayar da ba ni da amsarta: ba ni da izinin ganin log ɗin saba, sannan idan ciniki biyu iri ɗaya suka shigo cikin minti ɗaya, wa ya yanke abin da ya kamata a yi? Na kuma rubuta abin da ban taɓa ba: biyan bashi a sabis mai yankewa, da wayoyi biyu a shago ɗaya. Wannan layi ne mutane suka fi tsallakewa, alhali in babu shi mai karatu zai ɗauka duk sashen an duba.

Rahoton kuskure

Kowane kuskure da tikitinsa. Kanun na farko shi ne: ciniki yana ninkawa idan sabis ya yanke bayan danna `Ajiye`. Kanu mai kyau yana ɗauke da abin da ya faru da sharaɗin faruwarsa, ta yadda wanda bai buɗe ba ma ya gane. A ciki na sa matakan da suka rage bayan na zubar da duk wanda ba dole ba, abin da ya kamata ya fito, abin da ya fito, sau 3 cikin 5, yanayoyin da bai faru ba, guntun bidiyo da sashen log na 10:41 zuwa 10:43. Zatona na sa shi a ƙarshe, na kuma kira shi zato. Sannan jimla ɗaya kan wanda abin ya shafa: ana bin mutum kuɗin da bai ci ba, kuma lissafin rumbu yana nuna kaya sun ɓace, abin da zai iya jawo a zargi yaron shago da sata. Wannan jimlar ce ke sa mai yanke shawara ya san matsayin tikitin a layi.

Tattaunawa da 'yan ofis

Rana ɗaya da zaman ake yi, minti 10 zuwa 15. Jonathan Bach yana da tambayoyi biyar da muke bi: me ya faru a zaman, me aka samu, me ya kawo cikas, me ya rage, kuma yaya zuciyar mai gwaji take game da sashen. Bayan la'asar muka zauna, ni da jagoranmu da matashin da ya rubuta sashen turawa.

Ban fara da cewa sashenka ya lalace ba. Na ajiye wayar a gabansa na ce, "Malam, zo ka yi da hannunka, ni zan ƙirga maka." A karo na biyu ya fito. Ya buɗe log ɗin saba ya nemi lokacin da ke littafina:

```
10:41:07 POST /api/sales 201
10:42:31 POST /api/sales 201
```

Buƙata biyu, duka saba ta karɓa a matsayin sabon ciniki. Ya ce, "Anti, zatonki daidai ne. Wayar ba ta ba ciniki lamba, saba ce ke bayarwa. In amsa ta ɓata a hanya, wayar ba ta da yadda za ta ce wannan wanda na turo ɗazu ne." Gyaran da ya kawo shi ne wayar ta ƙirƙiri lamba ta musamman, `UUID`, tun lokacin da aka danna `Ajiye`, ta riƙa turawa da ita kowane karo, saba kuma in ta ga lambar da ta riga ta sani ta mayar da tsohuwar amsa ba tare da sake rubutawa ba. Wannan ya amsa tambayar da na rubuta a cikas. Ba za a tace da kamannin ciniki ba, domin mutum biyu suna iya sayen buhu 3 a jere, kuma dukansu ciniki ne na gaskiya.

Jagora ya yi tambaya ta biyar. Na ce hankalina bai kwanta da biyan bashi ba, don ina jin hanya ɗaya suke bi, kuma can in ya ninka ɗan kasuwa ne zai yi asara shiru, babu wanda zai zo ya yi musu. Ba ni da hujja a lokacin, amma an tanadi wannan tambaya ce domin irin wannan jin, ya zama manufar zama na gaba.

Abu ɗaya na roƙi jagora tun da muka fara wannan tsari: kada a auna mai gwaji da yawan kurakuran da ya kawo. Ranar da aka fara haka, mutum zai bar sashe mai wuya ya koma tsintar kuskuren rubutu a allo. Zaman da bai samo komai ba shi ma bayani ne, in dai takardarsa ta nuna abin da aka taɓa. Sai dai ba shaida ba ce ta cewa sashen ya tsarkaka, iyakarta ta ce a wannan siga, da wannan waya, ta waɗannan hanyoyi, ban ga komai ba.

Muka tashi da ayyuka huɗu. Injiniyan zai gyara, ya kuma rubuta gwaji mai gudu da kansa da ke tura ciniki ɗaya sau biyu ya tabbatar ɗaya ya zauna, domin abin da bincike ya gano bai kamata a sake nemansa da hannu kowane mako ba. Jagora zai binciko a rumbun bayanai duk cinikin da ya ninka a shagunan da ke amfani da mu, a kira masu su ɗaya bayan ɗaya, a fara da Alhaji na Daura. Za a ba ni izinin ganin log ɗin sabar gwaji. Ni kuma na rubuta takardar manufa ta gobe da safe: bincika biyan bashi, da wayoyi biyu a asusu ɗaya da sabis mai yankewa, don gano ko ragowar bashin da kowace waya ke nunawa ya yi daidai da na saba.